Ruwa ko sinadari: ina ya kamata ka kai babbar riga, kwat da leshin biki?

Yawancin kayan da muke sawa a Kaduna ba su da takardar umarnin wanki. Ka yanko yadi a Kasuwar Gumi ko Kasuwar Barci, tela ya ɗinka, mai aiki ya yi aikin wuya, shi ke nan. Babu wanda ya maƙala ɗan ƙyallen nan da ke gaya wa mai wanki abin da yadin zai jure. Saboda haka ranar da miyar manja ta ɗiga a gaban riga mai tsada, shawarar tana hannunka, kuma yawancin mutane da kuɗin rigar suke yanke ta: mai tsada a kai dirai kilina, mai araha a ba mai wanki da guga. Wannan lissafin yana kashe kaya ta hanya biyu. Akwai leshi mai tsada da sinadari zai zubar wa duwatsu, akwai kuma kwat ɗin gwanjo mai araha da ruwa zai tsuke ta har ta ƙi shiga jiki.

Hanyoyin da ke gabanka huɗu ne: wankin hannu da ruwa, wankin ruwa na ƙwararru a inji, wankin sinadarin fakuloro, da wankin sinadarin dangin fetur.

Abin da za a auna kafin a zaɓa

Na farko shi ne zaren da aka saƙa yadin da shi. Auduga, ulu, siliki na ainihi da biskos, wato zaren da ake yi daga itace, duk suna shan ruwa su kumbura, amma ba duka ne ke komawa yadda suke ba in sun bushe. Foliyesta kuwa kusan ba ruwanta da ruwa. Sunan da ɗan kasuwa ya kira yadi ba hujja ba ne. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan kashmiya ko siliki gamin foliyesta ne da biskos. Hanya mafi sauƙi ita ce ka karɓi ragowar ƙyalle a wurin tela ka ƙona ɗan zare da ashana. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi, su bar ɗan baƙin dunƙule da ke murtsukewa a yatsa. Auduga da biskos suna ci da sauri, da warin ƙonanniyar takarda da toka mai laushi. Foliyesta tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Wannan ƙyallen ka adana shi, zai sake yi maka amfani a shagon wanki.

Na biyu shi ne irin dattin. Akwai na mai: manja, man gyaɗa, man shanu, baƙin mai, jan baki, turare mai maiƙo, da maiƙon jiki da ke taruwa a wuyan riga. Akwai na ruwa: gumi, zoɓo, shayi, lemo, kunu, goro, jini. Sinadari yana narkar da na farko, na biyu kuma sai ruwa.

Na uku, abin da aka ɗora wa yadin: aikin zare, shafi, ƙyallen gam da tela ke mannawa a wuya da hannu, duwatsu, 'yan ƙyalƙyali, roba. Sau da yawa yadin zai jure wanki, adon ne ba zai jure ba. Sai kuma kuɗi, sauƙin samun wurin, da haɗari ga lafiya.

Abin da ke faruwa a cikin injin

A dirai kilina na gaske, ana tsoma kayan ne tsundum cikin sinadari mai kama da ruwa wanda ba ruwa ba ne. Wanda ya taɓa ganin bakanike yana wanke baƙin mai daga hannunsa da fetur ya ga tushen abin: mai yana narkewa a cikin danginsa. Abin da ya sa aka fi son sinadari ga wasu yadudduka shi ne ba ya shiga cikin zare ya kumbura shi. Yana ratsa tsakanin zaruruwa, ya kwashe maiƙo da ƙurar da maiƙon ya riƙe, ya fita, zaren yana nan a girmansa.

A shago na gaske, aikin yana farawa ne a kan tebur. Ana sa wa riga lamba, a lalube aljihu (biro ɗaya da ya fashe a ciki ya isa ya ɓata lodi guda), a raba fari da mai duhu, a duba tabo. Tabon ruwa ana taɓa shi tun a nan da ɗan tururi da magani na musamman, a busar da wurin kafin rigar ta shiga inji. Daga nan ganga tana juya kayan cikin sinadari kamar minti 8 zuwa 15, a ɗumin da bai wuce digiri 30 na salshiyos ba, yayin da famfo ke zagaya sinadarin ta cikin matata. Ana ƙara ɗan sabulu na musamman mai riƙe ɗigon danshi, don ya ɗauki wani abu daga dattin ruwa, amma kaɗan ne. Sai ganga ta juya da ƙarfi ta tsane kayan, iska mai zafin kusan digiri 60 ta biyo ta busar da su a cikin injin. Tururin sinadarin ba a sake shi waje. Ana sanyaya shi ya koma tanki. Lokaci-lokaci ana dafa sinadarin da ya yi datti ya tashi tururi, a sake sanyaya shi, dattin ya rage a ƙasa baƙi ƙirin.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne inda shaguna ke bambanta, don yana cin wuta, wuta kuma a garin nan sau da yawa man janareta ne. Shagon da ke tsallake shi yana wanke rigarka ne da dattin rigunan wasu. Alamar a fili take: farar shadda ta dawo da duhu-duhu mai toka, ko kwat ta dawo tana warin da ba nata ba.

Wankin hannu, sitaci da bugu

Shi ne mafi araha kuma babu unguwar da ba a samunsa, daga Rigasa zuwa Kawo. Ga auduga zalla shi ne mafi tsafta ma, don gumi gishiri ne da ruwa, kuma babu abin da ke fitar da shi kamar ruwa. Atamfa, farar shadda ta yau da kullum, jallabiyar foliyesta, kaftanin zuwa ofis, duk nan ne gidansu. Shadda tana rage sheƙi a wankin farko, saboda an danne fuskar yadin da zafi da nauyi a masana'anta, ruwa kuma yana kumbura audugar ya ɗaga fuskar. Sitaci da bugu suna dawo da kaso mai kyau na sheƙin, don sandar bugu tana sake danne zaren.

Haɗarinsa yana hannun mai wankin. Burushi mai tauri yana tsinka zaren aiki. Jiƙa kaya su kwana yana sa rini ya zuba daga aikin wuya zuwa jikin riga. Bilic yana cinye ulu da siliki gaba ɗaya, kuma yana mayar da wasu fararen yadudduka rawaya. Dutsen guga mai gawayi ba shi da ma'aunin zafi, sai kwarewar mai riƙe shi.

Wankin ruwa na ƙwararru

An fara shi a Jamus a farkon shekarun 1990. Ruwa ne, amma a injin da aka tsara: ruwa mai sanyi ko ɗan ɗumi, ganga tana motsi kaɗan tana hutawa, sabulu marar kaifi da ke kare zaren, busarwa da ke tsayawa kafin kayan su bushe ƙarau, sannan a ɗora rigar a kan mutum-mutumin tururi a miƙe ta ta dawo siffarta. Da shi ana iya wanke ulu da siliki da yawa ba tare da sun tsuke ba, a kuma fitar da gumi da zoɓo a lokaci guda. Ba shi da warin sinadari, ba ya taɓa gam ɗin duwatsu in an kiyaye zafi.

Rauninsa biyu. Ba ya cin tabon mai sai an yi masa magani tukuna. Kuma duk amfaninsa yana rataye a kan kayan gama aiki da hannun ma'aikaci. Shagon da ke da injin wanki irin na gida da dutsen guga kawai ba wannan yake yi ba, ko da me ya rubuta a allo. Kwat mai kafaɗa da gam a ciki tana da wuyar dawowa daidai a wannan hanyar in ba gwani ba.

Fakuloro

Cikakken sunansa fakuloro-itilin, C2Cl4 a rubutun masu kimiyya. Tun shekarun 1930 ya mamaye sana'ar, saboda ba ya kama wuta, kuma kafinsa gobara ce ke cinye shagunan da ke amfani da fetur da kananzir. Shi ne mafi ƙarfin narkar da mai a cikin waɗanda ake amfani da su, yana bushewa da wuri, kuma ya fi ruwa nauyi da ninki ɗaya da rabi da ɗoriya, don haka kayan da suka jiƙa da shi suna faɗuwa da nauyi a cikin ganga, abin da ke ƙara wanki. Ga kwat ɗin ulu mai maiƙon wuya, ko rigar da baƙin mai ya taɓa, babu kamarsa.

Ƙarfin nan shi ne kuma aibinsa. Fakuloro ba ya bambanta maiƙon miya da gam ɗin da ya riƙe dutse. Yana narkar da manne, yana sa wasu duwatsun roba su yi danƙo su narke su ɓata yadin da ke kusa da su, yana tsotse man da ke sa fatar roba laushi har ta ƙame ta tsattsage, yana ɗauke zanen zinariya da aka buga a saman yadi da gam. Wasu rinin ma yana jan su.

Sannan akwai lafiya. Shaƙarsa da yawa tana kawo jiri da ciwon kai, daɗewa a cikinsa yana taɓa hanta da ƙoda, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Jihar Kalifoniya ta daina barin shagunan wanki su yi amfani da shi daga 2023, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar janye shi daga sana'ar cikin shekara goma. Wanda ya fi shiga haɗarin shi ne ma'aikacin shagon da maƙwabcin da ke kwana a samansa. Kai mai riga naka kaɗan ne: in kaya suka dawo da wani wari mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai, ba a busar da su sosai ba. Cire ledar, rataye su a inuwa inda iska ke wucewa, kada ka rufe su a mota ko a ɗakin yara.

Sinadarin dangin fetur

Haidirokabon ne, wato daga ɗanyen mai aka tace shi, amma an cire masa sassan da ke saurin kamawa da wuta da masu wari. Na zamani sai ya haura digiri 60 kafin tururinsa ya iya kama wuta. Ƙarfinsa na narkarwa bai kai sulusin na fakuloro ba, kuma bai kai ruwa nauyi ba, don haka yana tafiya da kaya a hankali. Siliki, karammiski, alkyabba mai zaren zinariya da yawancin kayan ado sun fi samun lafiya a cikinsa. Ulu ma yana fitowa da laushi, don ba a tsotse masa mai duka ba.

Farashin wannan sauƙin shi ne lokaci da aikin hannu. Tsohon tabon mai ba ya fita sai an yi masa magani kafin wanki, busarwa tana ɗaukar lokaci, wanda ke nufin ƙarin wuta. In ba a kula da injin ba, danshi yana taruwa a tanki, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, kaya su dawo da tsami. Akwai wani ɗan'uwansa a sauƙi, na silikon da ake kira D5, marar wari kuma ya fi shi laushi, amma ya fi tsada kuma samunsa sai an tona.

Wannan sinadarin ba fetur ɗin gidan mai ba ne. Tururin fetur yana kama wuta ko a cikin sanyin da ya fi na firiza, yana bin ƙasa ya je ya tarar da murhu ko tartsatsin janareta. Wanke riga da shi a baho a tsakar gida bai kai darajar kowace riga ba.

| | Wankin hannu | Ruwa na ƙwararru | Fakuloro | Dangin fetur |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | mafi araha | matsakaici zuwa sama | sama | sama |
| Sauƙin samu | kowace unguwa | sai an bincika | shaguna kaɗan | shaguna kaɗan |
| Tabon mai | rauni | sai da magani | mafi ƙarfi | matsakaici |
| Gumi, zoɓo, goro | mai kyau | mai kyau | rauni | rauni |
| Ulu da biskos | suna tsukewa | sai a hannun gwani | lafiya | lafiya |
| Duwatsun gam, fatar roba | lafiya in ba a murza ba | lafiya | ɓarna | sai an gwada |
| Sheƙin shadda | yana raguwa | yana raguwa kaɗan | ya fi tsayawa | ya fi tsayawa |
| Babban haɗari | burushi, bilic, zubar rini | tsukewa | lafiyar ma'aikata, narkar ado | gobara, tsami |

Masu riba da masu asara

Ulu ne ya fi kowa cin ribar sinadari. Jikin kowane zaren ulu yana da ƙananan ɓawo da suka hau kan juna suna fuskantar gefe ɗaya. In ruwa da ɗumi da murza suka haɗu, ɓawon yana buɗewa, zaruruwa su sarƙe da juna, ba sa kuma komawa baya. Shi ya sa kwat ko rigar sanyi da ta tsuke ta yi kauri ba ta da magani. Guga ba ta warware ta. Kwat tana da ƙarin matsala: yadin waje, shafi, auduga ta kafaɗa da ƙyallen gam na ƙirji kowanne yana tsukewa da nasa gwargwado. Sakamakon shi ne ƙirjin kwat ya yi kumfa-kumfa, bakin shafi ya leƙo ƙasa.

Biskos shi ne mayaudarin. Daga itace ake yin sa, yana da sanyi a jiki da zubi mai kyau, yana cikin yadudduka da yawa na maza da mayafai da zaren aiki mai sheƙi. In ya jiƙa yana rasa kusan rabin ƙarfinsa, sai ya miƙe ko ya tsuke ko ya yage a ɗinki. Siliki na ainihi ruwa yana dusashe masa haske ya bar masa zobe a inda ya ɗiga. Karammiski kuwa gashinsa ne ke kwanciya.

Masu asara: leshi da abaya masu duwatsun gam, jaka ko riga mai gefen fatar roba, yadin da aka buga wa ƙyalƙyali a sama, duk abin da ke da roba mai talewa da ta fara tsufa. Sai waɗanda ba sa lalacewa amma ba su ci komai ba: atamfa da foliyesta. Ka biya kuɗin sinadari, gumin yana nan. Yadin baba mai turkuɗi ma ba na inji ba ne, don shuninsa a saman zare yake zaune, kuma zai raba wa duk abin da ya shiga ganga tare da shi. Hula kuwa tana da masu sana'arta, masu sitaci da kan itace. A bar musu.

Riga ɗaya, daki-daki

A ɗauki babbar rigar shadda mai ruwan madara, da aikin aska na zare mai ruwan ƙasa. An sa ta ɗaurin aure a Unguwar Rimi da rana tsaka, an ci waina da miyar taushe. Ta dawo da ɗigon miya a ƙirji, danshin gumi a wuyan 'yar ciki, da wani wuri a hannu inda lemo ya zuba ya bushe ba ya ko ganuwa.

Tabon miyar biyu ne a haɗe. Manja da jan launinsa suna narkewa a sinadari. Kabewa da tumatir da gishiri kuwa na ruwa ne. A gida abin yi kaɗan ne: a ɗauke abin da ke sama da bakin cokali, a danna farin ƙyalle, kada a murza, kada a sa dutsen guga. A kai ta cikin kwana biyu ko uku, domin mai yana haɗuwa da iska ya daskare a cikin zare, kuma in ya yi makonni sinadarin ma ba ya iya masa duka.

A shago, tambayar farko ita ce ko zaren aikin yana zuba. Ma'aikaci mai sanin aiki zai jiƙa farin ƙyalle ya danna a bayan aikin. In ruwan ƙasa ya fito a ƙyallen, an rufe ƙofar wankin ruwa, don rinin zai malala a jikin shaddar kuma fitar da shi ya fi fitar da manja wuya. Ko bai zuba ba, akwai wata matsalar: jikin rigar auduga ne, aikin biskos, in suka tsuke ba daidai ba sai gefen aikin ya tattare. Don haka babbar rigar ta tafi sinadari, kuma na dangin fetur ya wadatar tunda tabon sabo ne. Kafin ta shiga, a yi wa ƙirjin maganin mai, sannan a fitar da ragowar miyar da tururi.

Lemon da ba ya ganuwa shi ne abin da ke jawo rigima a bakin kanta. Sinadari ba ya narkar da sukari. Yana nan a zaren har zafin busarwa da guga su gasa shi ya koma ruwan ƙasa, mai riga ya zo ya ga tabon da ya rantse babu shi da ya kawo. Maganinsa jimla ɗaya ce lokacin miƙa kaya: "Malam, lemo ya zuba a hannun dama, ga wurin." Goro da shayi ma haka suke, zafi yana kafe su.

'Yar ciki da wando su ne suka sha gumi, kuma aikinsu kaɗan ne. Su ruwa suke so. Amma in aka wanke su da ruwa aka bar babbar rigar a sinadari, bayan wanki biyu ko uku sheƙinsu zai bambanta, a gan shi daga nesa. Abin da na fi so shi ne a tura duka ukun sinadari tare, a fitar da gumin wuya da hammata da tururi a kan tebur, har zuwa ranar da rigar ta tsufa aka yanke shawarar mayar da kayan gaba ɗaya wurin ruwa da bugu. A guga kuma, a kife aikin a kan abu mai laushi a goga ta baya, in ba haka ba zaren zai kwanta ya yi ƙyallin ƙuna.

Kafin a ajiye ta, a cire ledar shago. A damina, musamman watan Agusta, leda tana riƙe danshi, fumfuna ta fito, kuma gumin da aka bari yana komawa rawaya a ajiya.

Gane shago

Shaguna da yawa masu allon dirai kilina ruwa da sabulu suke yi, su goge da kyau su sa a leda. Ba laifi ba ne in kayanka auduga ne, amma kwat ɗin ulu ba za ta yafe ba. Tambaya kai tsaye ta fi: "Da wane sinadari kuke wanki, zan iya ganin injin?" Injin sinadari ya fi mutum tsawo, yana da tankuna a ƙasa da ɗan gilashin leƙe, da bututu da na'urar sanyaya a baya. Leƙa gilashin. Sinadari mai tsafta garau yake ko da ɗan rawaya; in ya yi launin shayi, ɗauki fararen kayanka ka yi gaba. Wanda ya amsa da "Alhaji, kada ka damu, komai muna wankewa" bai amsa ba.

Ga Hajiya mai leshi, juya yadin ki duba baya. In kin ga zare a bayan kowane dutse, ɗinka shi aka yi. In baya sumul yake, gam ne. Ki ba su ragowar ƙyallen su tsoma a sinadarinsu ki gani da idonki ko dutsen ya yi danƙo. Kayan da aka sayo a ɗinke kuma suna da alama: da'ira mai P tana nufin fakuloro da dangin fetur duk sun halatta, mai F dangin fetur kawai, mai W wankin ruwa na ƙwararru, da'irar da aka soke kuma kada a kai ta sinadari. Layi a ƙarƙashin da'irar yana nufin a tafi a hankali.

Wa zai je ina

Ma'aikacin banki ko lauya mai kwat ɗin ulu: sinadari, fakuloro in wuyan ya yi maiƙo sosai, amma ba kowane mako ba. Burushi mai laushi don ƙurar hunturu da ratayewa a iska sun isa tsakanin wanki, kuma kwat da wando su tafi tare don launi ya tsaya ɗaya.

Mai sabuwar gezna ko babbar riga mai aiki da ake sawa Sallah da biki: dangin fetur, tare da nuna wurin gumi da duk abin da ya zuba. Mai shaddar yau da kullum da ake sawa a zafin Afrilu: mai wanki da guga, sitaci da bugu.

Amarya ko uwar biki mai leshi da abaya masu duwatsun gam: wankin ruwa na ƙwararru, in ba a samu ba wankin hannu a ruwan sanyi, a juya bai-bai, ba murza ba matsa, a shimfiɗa a inuwa. Fakuloro kada ya kusance su.

Alkyabba, karammiski da siliki na ainihi: dangin fetur ko silikon, bayan an gwada rini da zaren ado a ɓoyayyen wuri. Atamfa, jallabiya, kayan makaranta da duk foliyesta: ruwa da sabulu a gida. Mai ciki, mai asma, ko gidan da ke da jariri, in akwai zaɓi su ɗauki wankin ruwa na ƙwararru, in kuma dole sai sinadari, kayan su kwana a rataye a waje kafin su shiga ɗaki.